Mai Sayar da Atamfa a Jega: Wane Dandali Zai Kawo Ciniki?

A ɗauki matar aure a Jega da take saro atamfa, leshi da mayafai daga Kantin Kwari a Kano, tana sayarwa a cikin gida. Tsakanin girki da hidimar yara, da ƙyar take samun awa guda ta riƙe waya. In ta raba awar nan tsakanin TikTok, Instagram, Facebook da WhatsApp, babu wanda zai ƙoshi.

Abin da ya kamata ta fara dubawa shi ne masu sayen kayanta. Yawancinsu 'yan'uwa ne, maƙwabta da abokan biki daga Jega, Aliero da Maiyama. Suna son a yi ciniki, a rage musu, wani lokacin a ba su bashi zuwa ƙarshen wata ko sai an sayar da albasa. Da yawansu sun fi sakewa da saƙon murya a kan rubutu, kuma suna lallaɓa data. Wannan hali da WhatsApp ya dace, musamman WhatsApp Business, wanda kyauta ne kuma yana da Catalog inda za ta jera kowane turmi da farashinsa, ta huta da amsa “nawa ne?” dare da rana.

Sai dai akwai tarko. Status yana ɓacewa bayan awa 24, kuma ba mai ganinsa sai wadda ta ajiye lambarki, ke ma kika ajiye tata. Saƙon Broadcast ma ba ya isa ga wadda ba ta ajiye lambarki ba. Saboda haka babban aikin shi ne tara lambobi: duk wadda ta sayi ko da ɗankwali ne, ku yi musayar lamba nan take. Hoto biyar da aka ɗauka a hasken rana, aka sa bayan sallar isha'i, sun fi talatin da za a tsallake.

TikTok yana tara 'yan kallo, amma bidiyo yana cin lokaci da data. Mai kallo daga Legas in ta yi sha'awar turmi ɗaya, kuɗin aika shi a mota zai iya cinye ribar. Instagram ya fi karɓar mai kaya masu tsada da ta riga ta san direbobin tasha. Mai gwanjo ko dogayen riguna da ke neman ɗaliban jami'ar Aliero kuwa, ita TikTok zai iya yi mata rana.

Kada yawan Like ya ruɗe ki. Ki tambayi duk wadda ta biya kuɗi, “A ina kika ga kayan?” ki rubuta amsar a littafin ciniki har wata guda. Dandalin da bai fito a littafin ba, ki daina ba shi lokacinki.