"A yi haƙuri" kaɗai ba ta biyan ɓarna

Akwai maganar da nake yawan ji a bakin dillalan shinkafa a Birnin Kebbi da Argungu: idan kaya sun makara, kada ka amsa laifi a rubuce, domin ka miƙa wa mai saye sandar da zai doke ka. A ganinsu, kira a waya da "a yi haƙuri, mota ce ta lalace" sun wadatar. Tsoron nasu yana da tushe, rubutu ba ya gogewa. Amma da girmamawa nake cewa sun juya lissafin.

Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a 2015, masu sayen shinkafar Kebbi sun ƙaru, har da kamfanoni da otal-otal na nesa. Irin waɗannan, ma'aikacin da ya yi odar yana da maigida da zai tambaye shi. Ba zai iya kai masa kiran waya ba. Imel zai nuna. Kuma takardar kaya ta riga ta nuna ranar da mota ta tashi, saboda haka babu abin ɓoyewa.

A ce ka yi alkawarin buhu 200 su isa Abuja ranar Litinin, mota ta tsaya tsakanin Yauri da Kontagora, sai Alhamis ta isa. Ga abin da ya kamata ka rubuta:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Buhu 200 da muka yi alkawari ranar Litinin sai Alhamis suka iso. Mota ce ta lalace, amma laifinmu ne da ba mu sanar da kai a ranar ba. Muna neman afuwa. Zaɓi ɗaya: mu mayar maka da rabin kuɗin mota kafin Juma'a, ko mu cire shi daga odarka ta gaba. Daga yau za mu aiko maka da lambar direba da zarar an gama lodi."

Dalilin jinkiri jimla ɗaya kawai ya ci. Idan ya kai sakin layi guda, ya zama kare kai. Diyyar kuma tana da adadi da rana. A nan ne kariyar dillali take: wanda ya ce "za mu duba" ya bar wa mai saye damar yanke farashin fushinsa da kansa, wanda ya ambaci rabin kuɗin mota kuwa ya shata iyaka.

Sai dai a kula da abu biyu. Kada ka yi tayin da ribarka ba za ta ɗauka ba, domin saɓa alkawari na biyu ya fi na farko muni. Sannan ka tambayi abin da jinkirin ya jawo. Idan shinkafar ta biki ce kuma biki ya wuce, ragin kuɗin mota bai taɓa ciwon ba. Gyaran a nan shi ne ka yarda ka karɓi kayanka, ka mayar da kuɗi. Alkawari kaya ne, kuma wanda ya ɗauka shi ke saukewa.