Bashi Mai Haihuwa: Yadda Naira Dubu Goma Ke Zama Dubu Talatin

Wanda ya je cin bashin naira 10,000 aka ce masa ruwansa kashi goma cikin ɗari ne a wata, abin da ransa zai fara ba shi shi ne dubu ɗaya ce duk wata. Idan ya ƙirga da yatsu, watanni goma sha biyu sun ba da dubu goma sha biyu, a haɗa da uwar kuɗi, naira 22,000 ke nan. Sai shekara ta zagayo a miƙo masa takarda ya ga kuɗi sun haura naira 31,000. Ba lallai an yi masa coge a lissafi ba. Irin ruwan ne bai gane ba tun farko.

Kuɗin ruwa iri biyu ne. Akwai wanda ake cirewa daga uwar kuɗi kaɗai, kullum adadinsa ɗaya, ba ya motsi. Akwai kuma wanda idan wata ya ƙare ba a biya ba, sai a ɗora shi a kan uwar kuɗin ya zama jikinta, wata mai zuwa a cire ruwa daga jimlar gaba ɗaya. Ruwa ya haifi ruwa ke nan. Makiyayi ya san wannan: akuya ta haihu, 'yarta ta girma ita ma ta haihu, uwar kuma ba ta daina ba, garke yana ƙara saurin yawa kowace shekara.

Wani zai ce me ya haɗa Musulmi da lissafin riba, alhali haramun ce. Gaskiya ne, kuma aya ta 130 a Suratu Ali Imrana ta yi hani ƙarara ga cin ribar da ake ninkawa. Amma a ganina wannan ma dalili ne na koyon lissafin. Wanda bai san kamannin abu ba, ta yaya zai kauce masa? Yau bashi yana zuwa har cikin wayar hannu, mutum ya danna sau biyu kuɗi su shigo, bai karanta sharaɗi ko ɗaya ba.

Ba sai ka yi boko mai zurfi ba. Abu biyu kawai ake bukata: tarawa, da fitar da kashi goma cikin ɗari. Na biyun ma yana da sauƙi, domin ɗaya bisa goma ne, wato naira ɗaya a kowace naira goma. A rubuce kuwa, rufe lambar ƙarshe da yatsa, abin da ya rage shi ne amsar. Rufe sifilin ƙarshe na 10,000, ka ga 1,000. Rufe na 12,100, ka ga 1,210.

Yanzu ɗauki takarda, ko allo da alli, ka ja layi ka yi gida huɗu: wata, bashin farkon wata, ruwan da ya hau, bashin ƙarshen wata. Mun yi watsi da kwabbai don sauƙi.

| Wata | Farkon wata | Ruwa | Ƙarshen wata |
|---|---|---|---|
| 1 | 10,000 | 1,000 | 11,000 |
| 2 | 11,000 | 1,100 | 12,100 |
| 3 | 12,100 | 1,210 | 13,310 |
| 4 | 13,310 | 1,331 | 14,641 |
| 5 | 14,641 | 1,464 | 16,105 |
| 6 | 16,105 | 1,610 | 17,715 |

Sirrin jadawalin nan yana wuri ɗaya: lambar da ta rufe layi ita ce ke buɗe layi na gaba. A nan ne mafi yawan masu koyo ke tuntuɓe. Sai mutum ya zo wata na biyu ya sake rubuta 10,000 a gidan farko, domin a zuciyarsa abin da ya ranta ke nan. Malamin ajin yaƙi da jahilci zai fi samun nasara idan ya fara da hannu kafin alli. Ya jera takardun naira dubu guda goma a kan tabarma, ya sa ɗalibi ya ƙara ɗaya, sannan ya tambaye shi nawa ne a gabansa. Goma sha ɗaya. To daga cikin waɗannan za a fitar da na wata mai zuwa. Shi ya sa aka sami ƙarin naira ɗari, ita ce ruwan dubun da ta hau a watan jiya.

Ka bi gida na uku da ido daga sama zuwa ƙasa. Da ruwan ba mai haihuwa ba ne, da dubu ɗaya za ka gani a kowane layi. Nan kuwa yana hawa, kuma tazarar tana faɗaɗa. A wata na biyu bambancin naira ɗari ne kacal, ba wanda zai ɗaga murya a kai. A wata na shida, maimakon 16,000, bashin ya kai 17,715. Ci gaba da cike layukan da kanka, za ka ga a wata na takwas ya wuce 21,400, wato ya ninka har da ɗoriya, a na goma sha biyu kuma yana wajen 31,380. Haɗarin ke nan: yana farawa a hankali, sai mutum ya saki jiki sannan ya yi gudu.

Masu lissafi suna da gajeriyar hanya ta sanin lokacin ninkawa. A raba 72 da adadin kashin ruwan. Idan kashi goma ne a wata, amsar bakwai ce da ɗan kai, ka ga ya yi daidai da abin da jadawali ya nuna. Ƙiyasi ne, amma ya isa ya farkar da mutum.

Jadawalin ya ɗauka ba a biya ko sisi ba. To idan ana biya fa? Wanda ke kai dubu ɗaya duk wata ya hana ruwan taruwa, amma bai taɓa uwar kuɗi ba. Shekara za ta cika ya biya naira 12,000, dubu goman nan tana nan daram a wuyansa. Wanda ke kai ɗari biyar kuwa, bashinsa ƙaruwa yake yi alhali yana ganin yana ragewa. Sai biyan ya zarce ruwan wata sannan bashi ke fara sauka. Ban da haka akwai kuɗin fom da tarar makara, waɗanda ba sa cikin jadawalinmu, kuma wasu masu ba da bashi suna zare nasu tun kafin kuɗin su iso hannunka.

Lissafin nan yana aiki a wajen bashi ma. Mai sayar da ƙosai da ke mayar da ribarta cikin jari haka jarinta ke girma, sai dai ciniki ba shi da tabbas, yau riba gobe faɗuwa. Tsadar kaya ma haka take hawa: idan farashi na tashi da kashi ashirin duk shekara, kafin shekara huɗu ta cika ya ninka.

A Nijeriya akwai bankunan da ba sa harka da ruwa, irin su Ja'iz, wanda ya fara aiki a 2012. A tsarin murabaha banki ke sayen kayan ya sayar maka da ribar da aka yanke tun ranar ciniki. Ko a nan ma ka nemi a faɗa maka jimlar.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa, tambayi mai ba da bashin: kashin nan na wata ne ko na shekara? Kashi goma a shekara zai mai da dubu goma 11,000 ne kawai bayan watanni goma sha biyu. Sannan ka ce masa, idan na yi wata biyu ban biya ba, nawa za ka bi ni? In ya ce 12,000, ruwan a tsaye yake. In ya ce 12,100, mai haihuwa ne. In kuwa ya ƙi rubuta maka jimlar a takarda, tashi ka bar masa kuɗinsa.