Ana Neman Akanta: Abin da Ya Kamata Sanarwar Ta Faɗa

Sanarwar neman jami'in akanta da ke yawo a rukunonin WhatsApp kusan duk kamanninsu ɗaya. Za ka ga an ce ana son mai digiri ko HND, mai gaskiya da riƙon amana, mai juriyar aiki, mai ƙwarewar shekara biyar, albashi kuma "mai tsoka". Kafin mako ya zagayo takardu sun yi wa mai kamfani yawa, amma in ya zauna tantancewa sai ya rasa na ɗauka. Laifin ba na masu nema ba ne. Sanarwar ce ba ta faɗi aikin ba, don haka kowa ya ga kansa a ciki, daga wanda ya taɓa zama kashiya a gidan mai har wanda ya gama bautar ƙasa jiya.

A ɗauki misalin wani dila a Kano da ke rarraba kayan masarufi. Yana da sito biyu, ma'aikata 20, asusun banki uku, da kwastomomi masu ɗaukar kaya bashi su biya a ƙarshen mako. Kafin ya rubuta ko kalma guda, sai ya zauna ya tambayi kansa abin da ke hana shi barci game da kuɗinsa. Wataƙila tiransifa na shigowa ba a san ta wane ne ba. Wataƙila bashi na daɗewa a hannun mutane ba mai bibiya, ko kuma jami'an haraji sun zo an kasa fito musu da takardu. Amsar wannan tambaya ita ce sanarwar, domin wanda zai magance ta ake nema.

Hanya mafi sauƙi ita ce a bi watan akanta daga farkonsa zuwa ƙarshe, tunda aikinsa da kwanan wata yake tafiya. Kullum zai shigar da ciniki da abin da aka kashe, ya haɗa kowane shigarwa da rasit ɗinsa. Duk mako zai fitar da jerin masu bashi, da kwana nawa kowane bashi ya yi. A ƙarshen wata zai ɗauko bayanin asusu daga banki ya gwada shi da littafin kamfani layi bayan layi, har sai ya gano dalilin kowane bambanci. Sai kuma ranakun da doka ta yanka a Nijeriya. Harajin PAYE da ake cira daga albashi yana isa hukumar harajin jiha zuwa ranar 10 ga watan da ke biye. Harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari a shekarar 2020, ana miƙa bayaninsa zuwa ranar 21. Kuɗin fansho kuwa, kashi 8 daga ma'aikaci da kashi 10 daga kamfani bisa dokar 2014, ana tura shi cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi.

Da waɗannan a hannu, dilanmu zai iya rubuta kamar haka: "Muna neman jami'in akanta da zai riƙa shigar da cinikin sito biyu kullum, ya daidaita asusun banki uku da littafinmu kowane wata, ya bibiyi bashin kwastomomi, ya shirya albashin mutum 20 tare da PAYE da fansho, ya kuma miƙa wa manaja rahoton wata kafin ranar 7." Wanda ya taɓa yin aikin, da ya karanta zai gane gidan da zai shiga. Wanda bai taɓa yi ba kuwa zai ji nauyin abin ya ja da baya da kansa, ka ga an rage wa mai tantancewa wahala tun kafin a fara.

Akwai abin da masu kamfani kan manta, kuma a ganina shi ya fi jawo mutumin kirki: iyakar ikon da za a ba shi. A faɗi wanda zai riƙa kai wa rahoto. A faɗi wanda ke amincewa da biyan kuɗi. Ƙa'idar aikin ita ce mai rubuta lissafi ba shi ke sa hannu a cek ba, ba shi ke riƙe da lambar sirrin asusu ba, ba kuma shi kaɗai ke ƙirga kayan sito ba. Wasu na ganin faɗar haka kamar nuna rashin yarda ne. Sam. Akanta mai tsoron Allah ya fi kowa son wannan tsari, domin ya san ranar da kuɗi suka ɓace, in komai a hannunsa yake, shi za a fara riƙewa. Jimla guda ta isa: "Manaja ne ke amincewa da duk wani biya, kuma odita na waje yana duba littattafanmu duk shekara." Mai neman inda zai yi ɓarna ba ya son jin wannan.

Wajen takardun karatu ne ake yawan wuce gona da iri. Sai ka ga ana neman cikakken mamba na ICAN, cibiyar da aka kafa a 1965, ko na ANAN, don aikin da bai wuce shigar da ciniki da daidaita banki ba. Mai irin wannan shaida muƙamin babban akanta yake hange. In matsi ya sa ya karɓa, ba zai daɗe ba. Ga aikin dilanmu, mai HND ko digiri a fannin akanta, ko wanda ya kammala jarrabawar ATS, da shekara biyu yana aikin da hannunsa, ya wadatar. A raba abin da ya zama dole da abin da in an samu an ji daɗi. Kada kuma a tsaya ga cewa "ya iya kwamfuta". A ambaci manhajar da ake amfani da ita a ofishin, QuickBooks ce, Sage 50 ce ko Tally. In Excel ne, a ce ana son wanda zai iya haɗa jadawali biyu da VLOOKUP, domin da shi zai gano tiransifar da ba ta da mai ita.

Sai maganar albashi, wadda mutanenmu ke jin nauyin furtawa. Ɓoye ta ba ya tsinana komai. Ƙwararren da ke da aiki a hannu ba zai nemi izini a wurin aikinsa, ya biya kuɗin mota, ya zo ganawar da bai san ko ta kai abin da yake karɓa ba. A rubuta daga nawa zuwa nawa, misali naira 180,000 zuwa 230,000 gwargwadon ƙwarewa, a kuma fayyace ko kafin a cire haraji ne ko bayan an cire. Haka lokutan aiki: in ana fitowa ranar Asabar, in ana kaiwa dare lokacin rufe lissafin wata, in za a buƙaci masu tsaya masa mutum biyu, duk a faɗa tun yanzu.

Sunan kamfani da unguwar da yake su fito fili, tare da ranar rufe karɓar takardu da bayanin cewa ba a biyan ko kwabo don neman aikin. 'Yan damfara sun ɓata wannan fage, har mutane masu hankali sun daina kula sanarwar da ba ta da suna sai lambar waya.

Yana da kyau a sanar cewa za a yi ɗan gwaji na minti 30: a ba mai nema bayanin banki na wata guda da shafin littafin kuɗi, da aka saka wa cajin banki da ba a rubuta ba da cek ɗin da bai fita ba tukuna, a ce ya daidaita su. In takardun da suka zo yawancinsu na masu fannin da bai shafi lissafi ba ne, bayanin aikin ne bai fito ba. In 'yan kaɗan suka zo kuma duk sababbin hannu, to a sake duba sharuɗɗan da aka gindaya a gwada su da albashin da aka sa.