Kafin ka ce masa ya danna AGREE: yadda ake fassara sanarwar sharuɗɗan manhaja

Kusan kowane gida yana da wanda ake turo wa hoton fuskar waya a ce, "Don Allah duba mini, me wannan yake cewa?" Galibi sanarwa ce ta Turanci da ta tare fuskar wayar, da maɓalli a ƙasa yana jiran a danna. Amsar da aka saba bayarwa ita ce, "Ba komai, danna kawai," ko kuma, "Kada ka taɓa, bayananka za su sace." Duk wanda ya ba da ɗaya daga cikin amsoshin nan ya yanke hukunci ne a madadin mai wayar, alhali abin da aka roƙe shi shi ne ya bayyana masa abin da zai amince da shi.

Sanarwar da WhatsApp ya fitar a watan Janairun 2021 ta isa misali, domin mutane da yawa a ƙasar Hausa sun gan ta da idonsu. Gajeriya ce. A sama ta ce kamfanin yana sabunta sharuɗɗansa da ƙa'idojinsa na sirri. Sai ta jero abubuwa uku da aka ƙara bayani a kansu: yadda manhajar take sarrafa bayanan mai amfani da ita, yadda 'yan kasuwa za su iya ajiye hirarsu da masu ciniki a na'urorin Facebook, da yadda WhatsApp yake haɗa aiki da sauran manhajojin kamfanin Facebook. A ƙasa ta ce danna AGREE amincewa ce da sabbin sharuɗɗan, waɗanda za su fara aiki ranar 8 ga Fabrairu, 2021, kuma bayan wannan rana sai an amince za a ci gaba da amfani da manhajar. Akwai kuma wurin da za a danna a ɗage zuwa wani lokaci.

Aikin farko shi ne duba hoton kansa kafin a fassara ko da jimla ɗaya. Shin an ɗauko sanarwar duka, ko an datse ƙasanta? Layin da ya fi nauyi, wato wanda ke faɗin abin da dannawa take nufi da ranar da za a fara aiki da shi, a ƙasa yake zama, da ƙananan haruffa. Sannan a tambayi mai wayar: a cikin manhajar sanarwar ta fito, ko wani ne ya turo masa hoton a zaure? Wannan tambaya tana da amfani, domin 'yan damfara suna kwaikwayon irin wannan sanarwa. Sanarwar sharuɗɗa ta gaskiya ba ta neman lambar sirri ta banki, ba ta kuma neman lambobi shida da WhatsApp yake turowa idan ana buɗe asusu. Idan aka ga ta nemi ɗayansu, babu sauran fassara, gargaɗi ya kamata.

Aiki na biyu shi ne sanin iyakar hoton. A sanarwar akwai kalmomi masu wani launi daban da ake iya taɓawa, waɗanda suke kai mutum ga cikakkun takardun Terms of Service da Privacy Policy. Yarjejeniyar tana can, kuma hoto ba ya buɗuwa. Sanarwar tamkar ambulan ce, wasiƙar tana ciki. Saboda haka mai fassara ko dai ya buɗe takardun a tasa wayar ya karanta sashen da ya shafi bayanan da ake tarawa da waɗanda ake bai wa wasu, ko ya faɗa wa mai wayar ƙarara cewa abin da ke hoton kaɗai ya fassara.

Wanda ya buɗe takardar WhatsApp ta lokacin zai tarar da abin da sanarwar ba ta lissafa ba. Kamfanin yana tara lambar waya, irin wayar da kamfanin layin, adireshin intanet na wayar, lokutan da ake shiga manhajar da tsawon zaman da ake yi a ciki, da lambobin da ke wayar idan an ba shi izini. Wasu daga cikin waɗannan, kamar lambar waya da bayanan na'ura, yana bai wa sauran kamfanonin Facebook. Wannan ma ba a 2021 ya fara ba: Facebook ya sayi WhatsApp a 2014, an kuma fara ba shi lambobin waya tun 2016. Amma saƙonni da kira tsakanin mutum da ɗan'uwansa a kulle suke tun daga wayar mai aikawa har zuwa ta mai karɓa, kuma sabuntawar ba ta taɓa wannan ba. Sabon abu ya fi shafar hira da 'yan kasuwar da suka zaɓi Facebook ya ajiye musu saƙonni.

A nan fassarori da yawa suka kauce. Sanarwar ta ce 'yan kasuwa za su iya amfani da ajiyar Facebook, sai aka mayar da ita cewa Facebook zai karanta hirar kowa. Saƙonnin murya suka yi ta yawo a zaurukan dangi, mutane suka yi ta komawa Signal da Telegram, har kamfanin ya ɗage wa'adin zuwa 15 ga Mayu, 2021. Alamar fassarar da ta kauce ita ce ta ƙunshi abin da mai fassara ba zai iya nuna layinsa da yatsa ba. Waɗanda suka ce ba komai su ma sun kauce, domin sun ɓoye cewa ba a ba da zaɓin ƙin raba bayanan a ci gaba da amfani da manhajar ba. Wannan batu yana cikin abin da hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta bincika, kuma a watan Yulin 2024 ta ci kamfanin Meta, wanda shi ne sabon sunan Facebook, tarar dala miliyan 220.

Aiki na uku shi ne taƙaitawa, kuma taƙaitawa mai kyau tana amsa tambayoyi huɗu: da wa ake yarjejeniyar, me mutum zai bayar, yaushe za ta fara aiki, me zai faru idan ya ƙi. Da mahaifiyar wani ce ta turo hoton sanarwar WhatsApp ɗin a wancan lokaci, amsa ta gari za ta iya zama haka: "Umma, WhatsApp ne suka canza sharuɗɗansu. Idan kin danna AGREE kin yarda su ci gaba da tara bayanan wayarki, kamar lambarki da irin wayar da lokutan da kike shiga, su kuma bai wa Facebook wasu daga ciki. Hirarki da mu da kiran da kike yi ba sa iya gani ko ji. Idan kina hira da babban kamfani ta nan, mai yiwuwa a ajiye hirar a wurin Facebook. Sun ce daga 8 ga Fabrairu sai kin yarda za ki ci gaba da amfani da shi, amma yau ba dole ba ne ki danna."

Idan ta ce, "To kai me ka gani?" sai ya ba ta shawararsa, amma ya raba ta da fassarar: wannan su suka faɗa, wannan kuma ra'ayina ne. Ya kuma ajiye hoton tare da ranar da aka ɗauke shi, domin sharuɗɗa suna canzawa, kuma da zarar an danna maɓallin, sanarwar ba za ta sake fitowa a duba ta ba.