Ruwa a Cikin Fetur: Yadda Ake Gane Shi Kafin Ya Kashe Inji

Idan aka ce gurɓataccen mai, hankalin mutane kan tafi ga mai algus da ke zuba kananzir cikin fetur. Akwai irinsa. Amma wani abin da ke yawan kai motoci garejin bakanike, musamman da damina, shi ne ruwa, kuma sau da yawa ba wanda ya zuba shi da gangan. Gidan mai yana adana fetur a tankin da aka binne a ƙasa. In tankin ya tsufa ya yi tsatsa, ko murfin bakinsa bai rufu sosai ba, ruwan sama da ya kwanta a harabar sai ya sulale ciki.

Ruwa ya fi fetur nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce, ta fetur kuwa kusan kashi uku cikin huɗu na kilo ce, kuma ba sa gauraya. Saboda haka ruwan yakan kwanta a gindin tanki tare da laka da tsatsa. Yana nan lafiya lau har sai an motsa shi, wato lokacin da tanka ke juye sabon mai, ko kuma man gidan ya kusa ƙarewa famfo ya fara jawo na ƙasa.

A ɗauka direba ya taso daga Kano zuwa Zariya, ya tsaya a wani gidan mai na bakin hanya ya sha lita 20, a ciki akwai rabin lita ta ruwa. Kaɗan ce a ido, amma famfon da ke tura mai zuwa inji daga gindin tankin mota yake zuƙa, daidai inda ruwan ya taru. Ba zai yi nisa ba motar za ta fara fizga, ya taka totur ta ƙi ɗauka, daga nan ta mutu ta ƙi tashi. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a yi ta murza makulli ana cewa "za ta ware". Kowace murzawa tana ƙara tura ruwa cikin injekta ko kafireta. Abin yi shi ne a kira bakanike ya zuƙe tankin tas, ya sauya filta, ya duba filogi, sannan a ajiye kaɗan daga man a kwalba don shaida.

Gwajin gano ruwa a fetur ba shi da wuya. A sami farar kwalba busasshiya, a sa mai sayarwa ya fara zuba kaɗan a ciki, a ajiye ta minti goma nesa da wuta da sigari. In akwai ruwa, za a ga shi a ƙasa da layi tsakaninsa da fetur. In man ya yi dishi-dishi bai washe ba, shi ma abin gudu ne. Don gano kananzir ko man gas, a ɗiga fetur ɗin a farar takarda: mai kyau yakan bushe cikin 'yan mintuna ba tabo, mai algus kuwa yakan bar maiƙo. Launi dai ba hujja ba ne, don fetur mai kyau ma launinsa kan bambanta.

Kwalba tana da iyakarta. A watan Fabrairun 2022, kamfanin NNPC ya tabbatar an shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol, wanda ke narkewa cikin fetur ba a ganinsa, yana kuma cin robobi da tiyon mai. Wannan ya shiga har manyan gidajen mai, kuma janye shi daga kasuwa ya jawo dogayen layuka na makonni. Irin wannan aikin hukumar NMDPRA ne ta tare shi tun daga defo.

Ga matafiyi, dabarar ta fi sauƙi kafin a bar gari. Ka cika tanki a gidan man da ciniki ke gudana, inda direbobin haya ke layi, don su ne ke fara jin labari in mai ya ɓaci. In ka tarar tanka na juyewa, wuce gaba ko ka dawo bayan 'yan sa'o'i. In dole ta sa ka tsaya a gidan da ba ka sani ba, ko wurin 'yan bumburutu, ka sayi abin da zai kai ka gari na gaba kawai, ka kuma kalli jarkar kafin a karkata ta, kada a zube maka har na gindi.

A gidan mai kuwa, ka nemi rasit mai kwanan wata. Shi da kwalbar man nan su ne abin da za ka riƙe in za ka kai ƙara ofishin NMDPRA na jiharku.