Idan Baƙon Ɗan Haya Ya Zama Ɗan Gida

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, yakan sauka da dare, hantsi ya ɗauke shi. A addinance ma haƙƙin baƙunci kwana uku ne, abin da ya haura haka sadaka ce. To, yaya mai gidan haya zai yi idan raɓar ta yi sati biyar ba ta bushe ba?

A ce gida ne a Kano mai ciki da falo guda huɗu, banɗaki biyu, rijiya ɗaya da mitar wuta ɗaya. Wani ɗan haya ya kama wuri shi da matarsa da yara biyu. Sai 'yan uwansa uku suka zo daga ƙauye jinya, aka sallami mara lafiya, su kuma suka ci gaba da zama. Mutum huɗu sun koma bakwai. Da asuba layin buta ya ƙaru a ƙofar banɗaki, katin wuta yana ƙarewa kafin lokacinsa alhali kuɗin ɗaki-ɗaki ake rabawa, shadda kuma ta kusa cika. Maƙwabta ba za su tunkare shi ba saboda kara, wajen mai gida za su kai kuka.

A nan ake gane dattijon mai gida. Ba ya cewa a kori baƙi, domin wannan cin fuska ne. Adadi yake magana a kai, da dalili, da wa'adi. Ga irin saƙon da ke gyara ba tare da ɓata zumunci ba:

"Salamu alaikum, Malam. Ya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Ina tuna maka cewa mun yi yarjejeniya a kan mutum huɗu ne, saboda banɗaki da ruwan gidan ba za su ɗauki fiye da haka ba. Baƙinka baƙinmu ne, amma yau sati biyar ke nan. Don Allah nan da sati biyu ka sanar da ni ranar tafiyarsu. Idan akwai wanda zai zauna, mu zauna mu sake lissafin wuta da kwasar shadda. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba."

Ƙarfin wannan saƙo yana ga yarjejeniyar. Idan ba a rubuta adadin mazauna tun ranar karɓar makulli ba, mai gida roƙo kawai yake yi. Ko an rubuta ɗin ma, doka a Najeriya ba ta ba shi damar cire ƙofa ko watsa kayan ɗan haya waje ba. Sai ya ba da notis, in an ƙi tashi a je kotu. Shi ya sa masu gidajen da suka taɓa ƙonewa ke ƙara layi biyu a takardar haya: mutum nawa za su zauna, kuma baƙo zai yi kwana nawa kafin a sanar da mai gida.