Tallan Darasin Intanet: Da Wa Kake Magana?

Mai koyarwa ta intanet kwastomominsa biyu ne: ɗalibin da zai zauna gaban waya, da mahaifin da zai tura kuɗi. Yawancin tallan da ake biya wa kuɗi a Facebook da Instagram a nan suke tuntuɓe, domin sun so yi wa duka biyun magana lokaci guda. Taura biyu kuwa ba ta taunuwa.

A ce wata malama ce a Kano, tana shirya ɗalibai wa jarrabawar JAMB ta waya, naira 5,000 a wata. Kan tallanta na farko: "Inganta ilimi tare da ƙwararru." Wane ilimi? Na wa? Mai islamiyya ma zai iya faɗin haka, mai koyar da ɗinki ma. Gara ta rubuta: "Lissafin JAMB: darasi 3 a mako." Harafi 30 ne cif idan an ƙirga da tazara, kuma nan ne iyakar da Google ya yanka wa kan talla.

Jikin tallan kuma, haruffa kusan 125 na farko su ake gani kafin sauran ya ɓuya bayan `See more`, wanda ba kowa ke latsawa ba. Saboda haka babu filin doguwar gaisuwa, duk da son da muke mata. Ta tafi kai tsaye: "Ɗanka zai zana JAMB bana? Darasi ta waya bayan Isha'i, naira 5,000 a wata. Na farko kyauta ne."

Kalmar "ɗanka" ta riga ta zaɓi mai karatu. Idan aka tura tallan ga 'yan shekara 18 zuwa 24, an yi asarar kuɗi. Iyaye za a nufa, misali 'yan 35 zuwa 55 a Kano da kewaye. Akwai wani dalilin ma: tun 2023 kamfanin Meta bai yarda a zaɓi 'yan ƙasa da 18 da komai ba sai shekaru da wurin zama, alhali masu zana JAMB da yawa ba su cika 18 ba.

To, yaya za ta gane inda matsala take? Idan dubbai sun gani amma ba a latsawa, ta sake kan tallan ko mutanen da ta zaɓa. Idan saƙonni na ta shigowa WhatsApp, kowa na tambayar "kyauta ne?", to ta ɓoye farashi ne, ko kalmar kyauta ta danne shi. Ni dai ina ganin gara farashi ya kori mutum tun a talla, da a kwana ana amsa masa tambaya.

Kuma ta riƙa lissafi. Idan ta kashe naira 20,000 ɗalibai 8 suka biya, kowane ɗalibi ya ci mata naira 2,500, rabin kuɗin watansa na farko. Mai karatu, idan za ka gyara naka tallan, canza abu ɗaya kawai, ka ba shi mako guda kafin ka taɓa wani.